Matsalar Tarago: A Kashe Ɗaya Don a Ceci Biyar?

Matsalar tarago tambaya ce a ilimin falsafar ɗabi'a, wadda Philippa Foot, masaniya 'yar Birtaniya, ta gabatar a 1967, Judith Jarvis Thomson ta Amurka kuma ta faɗaɗa ta a 1976 da 1985. Ana amfani da ita wajen gwada ra'ayoyi biyu: na masu auna aiki da sakamakonsa, da na masu auna shi da wajibi da hani.

A misalin Foot, tarago ne ya ƙwace wa direbansa. Kwatankwacinsa shi ne babbar mota maƙare da masara da ta taso daga Dutsin-Ma, birki ya tsinke mata a shiga garin Kurfi. Mutum biyar na tsakiyar titi, mutum ɗaya na tsaye a gefe. Idan direban bai karkatar da sitiyari ba, biyar za su mutu; idan ya karkatar, ɗaya ne zai mutu.

Masu bin sakamako, magadan Jeremy Bentham da John Stuart Mill, na ganin wajibi ne ya karkatar, domin asarar rai ɗaya ta fi ta biyar sauƙi. Sai dai Thomson ta sauya misalin: a ce hanyar tsayar da taragon ita ce a tunkuɗo wani ƙaton mutum daga kan gada ya faɗa gabansa. Lissafin bai canza ba, amma yawancin mutane kan ƙi amincewa. Babbar sukar da ake yi wa wannan ra'ayi ke nan: yana iya halatta wa likita kashe mai lafiya ɗaya don raba sassan jikinsa ga majinyata biyar.

Masu bin wajibi, bisa koyarwar Immanuel Kant, sun ce ba a mayar da ɗan Adam kayan aiki kawai. Wanda aka tunkuɗo an yi birki da jikinsa ne, na gefen titi kuwa ko da ya tsere, biyar ɗin za su tsira. Su ma ba su kuɓuta daga suka ba: mai tsananta ra'ayin zai iya barin biyar su mutu don kada hannunsa ya taɓa jini, kuma ga mamacin da iyalansa, karkatarwa da tunkuɗawa duk ɗaya ne.

Malaman Musulunci sun daɗe da tattauna irin wannan. Akwai ƙa'idar ɗaukar mafi sauƙi daga cikin cututtuka biyu, amma Imam al-Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana a littafinsa al-Mustasfa cewa bai halatta mutanen jirgin ruwa su jefa ɗayansu cikin teku don sauran su tsira ba.

Misalin kansa na da iyaka. Ya ɗauka mutum na da tabbacin abin da zai faru, alhali direban gaske na da daƙiƙu kaɗan ne, bai kuma san ko biyar ɗin za su kauce ba.