Waɗanda Shari'a Ta Hana Wa Cin Gado

Mun tanadi wannan bayani domin jama'ar Babban Mutum da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Ɓaure a Masarautar Daura, musamman dagatai da masu unguwanni, waɗanda ake fara kai wa ƙorafin gado kafin a je gaban alƙali. Kotunan Shari'a na Jihar Katsina suna raba gadon Musulmi bisa mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala da Muhtasar.

Wanda ya kashe mamaci da gangan, bisa zalunci, ba ya gadon komai, ko a dukiya ko a diyya. Wanda ya kashe bisa kuskure kuwa yana gadon dukiya, amma ba shi da rabo a diyya. Abin da ya fi rikita jama'a shi ne, wanda aka hana wa gado ana ɗaukarsa tamkar babu shi, don haka ba ya toshe kowa, ba ya kuma rage rabon kowa.

Ga misali. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da ɗa namiji ɗaya, da ƙane shaƙiƙi, da naira 800,000 bayan an biya bashi. A asali matar tana da tumuni, wato 100,000, ɗan ya ɗauki 700,000, ƙanen bai sami komai ba. To idan ɗan ne ya kashe uban da gangan, matar za ta koma rubu'i, wato 200,000, ƙanen ya ɗauki 600,000. Amma idan mai kisan yana da ɗa namiji, wannan jika shi zai ɗauki 700,000, matar ta tsaya a tumuninta, domin laifin uba ba ya hana ɗansa gado. A nan ne dangi suka fi yin kuskure.

Saɓanin addini shi ma yana hana gado ta ɓangarorin biyu: Musulmi ba ya gadon wanda ba Musulmi ba, shi ma ba ya gadonsa, ko da ɗa ne ko matar aure. Lokacin rasuwa ake dubawa. Wanda ya musulunta bayan rasuwar, ko da ba a yi rabo ba, bai shiga ba. Sai dai mai dukiya yana iya yi wa irin wannan ɗan'uwa kyauta tun yana da rai da lafiya, ko wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba.

Muna jan hankalin shugabanni cewa zargi ba hujja ba ne. Ba a cire magaji saboda jita-jitar sammu ko guba. Kotu ce ke tabbatar da kisa da nau'insa. Idan akwai irin wannan tuhuma, a dakatar da rabon gona da dabbobi har alƙali ya yanke hukunci.