Rubuta Musabbabin Raunin Jan Wutar Lantarki: Iyaka Tsakanin Abin da Aka Gani, Abin da Aka Ji da Abin da Aka Auna

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda ake rubuta musabbabin rauni a takardar majiyyacin da wutar lantarki ta ja. Ta dubi rabe-raben ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya da abin da ƙa'idar IEC 60479-1 ta bayyana game da tasirin wuta a jikin ɗan Adam, sannan ta bi misali guda daki-daki. Maƙalar ta nuna cewa ma'aikacin lafiya yana iya tabbatar da abin da majiyyaci ya taɓa da yanayin da ya taɓa shi, amma ba ya iya tabbatar da lalurar da ta sa abin ya ɗauki wuta sai an duba an auna. Don haka ta ba da shawarar a raba rubutu gida uku, kuma a riƙa rubuta "ba a bincika ba" a matsayin bayani mai zaman kansa.

Gabatarwa

Idan aka kawo wanda wuta ta ja asibiti, da wuya ya zo ba tare da labarin dalili ba. Wanda ya rako shi zai ce waya ce ta fashe, wani ya ce wuta aka kawo da ƙarfi, wani kuma ya ɗora wa mai gyaran da ya zo makon jiya laifi. Likita yana cikin gaggawa, sai ya ɗauki mafi kama da gaskiya ya rubuta: "wuta ta ja shi saboda lalacewar wayar firiza". Daga wannan lokaci zancen ɗan rakiya ya zama maganar likita. Jami'in adana bayanai zai kwafe ta, wata rana kuma tana iya bayyana a gaban alƙali ko a takardar neman diyya, alhali babu wanda ya kwance firizar ya leƙa.

Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: ina iyakar abin da ma'aikacin lafiya zai rubuta a matsayin tabbas?

Hanyar nazari

An bi hanyar nazarin ƙa'idoji ne, ba tattara alƙaluma ba. An auna jumlolin da aka saba rubutawa da ma'auni guda: wace hujja ce ke hannun marubucin jumlar a lokacin da ya rubuta ta? Misalin da za a kawo an gina shi ne domin nazari, ba rahoton wani majiyyaci ba ne.

Abin da jiki ke faɗa da abin da ba ya faɗa

Ƙarfin wutar gida a Nijeriya V 230 ne, tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Abin da ke yi wa jiki illa shi ne yawan wutar da ta ratsa shi, da hanyar da ta bi, da tsawon lokacin da ta ɗauka. Yawan kuwa ya dogara ne da turjiyar jiki, bisa dokar Ohm, wato I = V/R. Busasshiyar fata mai kanta tana turjewa sosai. Idan fata ta jiƙe, kuma mutum yana tsaye ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti, turjiyar tana iya sauka zuwa kusan Ω 1000, wanda ke nufin kimanin mA 230 za su ratsa shi. Mutum yana fara jin wuta tun daga kusan mA 0.5. A kusan mA 10 tsokar hannu tana iya ƙanƙamewa har ya kasa sakin abin da ya riƙe, abin da jama'a ke nufi idan sun ce wuta ta riƙe shi. Gomman miliamfiya kaɗan sun isa su hargitsa bugun zuciya idan suka bi ta ƙirji na tsawon daƙiƙoƙi. Wannan ne ya sa ake saita na'urar kariya ta RCD ta yanke wuta a mA 30.

Daga wannan lissafi ake gane abin da likita ke buƙata domin magani: ƙaramar wuta ce ko babba (a fagen likitanci ana sa iyakar a V 1000, don haka layukan kV 11 da kV 33 da ke bisa falwaya suna ɓangaren babba), ta ina ta taɓa jiki, ko fatar a jiƙe take, ko ya suma, ko ya faɗo daga sama. Waɗannan ne ke sa a yi gwajin ECG, a duba ko fitsari ya yi duhu saboda narkewar tsoka, a lura da kumburin gaɓa.

Amma mA 230 da suka fito daga tsinkakkiyar waya da mA 230 da suka fito daga soket ɗin da aka haɗa ba daidai ba, tabo iri ɗaya suke bari. Ƙunar da ke tafin hannu tana shaidar cewa wuta ta bi ta nan. Ba ta faɗin dalilin da ya sa ƙarfen ya ɗauki wuta. Ko rarrabe tabon shiga da na fita ma yana da rauni a wuta mai juyawa, shi ya sa ya fi dacewa a rubuta "wuraren da wuta ta taɓa" a bayyana siffarsu da girmansu.

Misali: firizar shagon ƙanƙara

A ɗauka an kawo wani saurayi mai aiki a shagon sayar da ƙanƙara. Ya ce yana tsaye ba takalmi, ruwa ya malala a ƙasa, ya dafa jikin firiza da hannun dama, wuta ta riƙe shi har sai da abokin aikinsa ya zare filogi. Bai suma ba. Akwai farar ƙuna mai faɗin kusan santimita ɗaya a tafin hannun, ECG bai nuna matsala ba. Maigidansa ya ce tabbas ɓera ne ya ci wayar.

Mai yiwuwa ɓeran ne. Sai dai jikin firiza yana iya ɗaukar wuta ta hanyoyi da dama waɗanda daga waje ba a rarrabe su. Rufin naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin kwamfuresa yana iya lalacewa wuta ta zubo jikin ƙarfe. Ruwa yana iya shiga akwatin da wayoyi suka haɗu. Firizar tana iya zama lafiya lau, amma a soket ko a filogi an ɗaura waya mai wuta inda ya kamata wayar da ke sauke wuta ƙasa ta zauna. Haka kuma wutar tana iya fitowa daga wata na'urar dabam da ke kan layin, ta biyo wayar ƙasa wadda ta tsinke kafin ta isa ƙasan. Idan shagon yana kan janareta a lokacin, yadda aka haɗa janaretan da layin shagon ya shigo cikin lissafi.

Akwai wani abu kuma da jumlar "waya ta fashe" ke ɓoyewa. A wurin da aka haɗa wuta bisa ƙa'ida, lalura guda bai kamata ta kai mutum asibiti ba: idan wuta ta taɓa jikin ƙarfe, wayar ƙasa za ta ɗauke ta, fis ya ƙone ko RCD ta yanke. Saboda haka jan wuta irin wannan yawanci yana nuna abubuwa biyu sun haɗu, lalura da gazawar kariya. Wanda ya rubuta dalili guda, ko da ya cinka daidai, rabin labari ya rubuta.

Rarrabe waɗannan aikin mai awo ne. Zai cire firizar daga wuta ya auna turjiyar rufin wayoyinta da na'urar da ke ba da V 500, inda abin da ya gaza MΩ 1 ke nuna matsala. Zai auna ko wayar ƙasa ta haɗu tun daga jikin firiza har bakin filogi, ya gwada soket ya ga ko kowace waya tana mazauninta, ya gwada RCD, in akwai ta, ya ga ko tana yankewa cikin ms 300 a kan ƙimarta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake yi a ɗakin gaggawa.

Tsarin rubutu mai gida uku

Gida na farko shi ne abin da ma'aikacin lafiya ya gani da idonsa ko ya auna a jikin majiyyaci. Na biyu shi ne abin da aka faɗa masa, tare da ambaton wanda ya faɗa da ko ganau ne ko jiyau. Na uku shi ne sakamakon binciken na'ura, da sunan muƙamin wanda ya yi da ranar da ya yi. A misalin nan takardar za ta kasance kamar haka: "An ga ƙuna mai faɗin santimita 1 a tafin hannun dama, ECG daidai. Majiyyaci ya ce ya dafa jikin firiza yana tsaye ba takalmi a jiƙaƙƙen daɓe, ya kasa saki sai da aka zare filogi. Mai shago, wanda ba ya wurin, yana zaton waya ta lalace. Ba a tantance ko wutar layi ce ko ta janareta ba. Firiza da soket: ba a bincika ba."

Jumlar ƙarshe ita ce aka fi yawan tsallakewa. Barin gurbin fayau yana sa mai karatu ya cike shi da zatonsa, rubuta "babu lalura" kuwa da'awa ce da ke buƙatar awo kamar yadda "akwai lalura" ke buƙata. Kuma zaton mai shago bai kamata a jefar da shi ba, domin yana iya nuna wa mai bincike inda zai fara. Abin da ake so shi ne ya zauna da sunan mai shi.

Rabe-raben ICD-10 sun dace da wannan tsari. Ana ba wa tasirin wutar a jiki lamba T75.4, ƙunar kuma ta sami tata lambar gwargwadon gaɓar da ta shafa. Musabbabin waje lambobi uku ne: W85 ga layukan dakon wuta, W86 ga wata wutar da aka fayyace tushenta, W87 ga wadda ba a fayyace ba. Tsawa tana da nata dabam, X33. Firizar nan W86 ce, domin an san abin da aka taɓa. Babu lambar da ta nemi a faɗi ko waya ce ta fashe ko laifin wane ne. Hattarar da ta wuce kima ma kuskure ce: wanda ya zaɓi W87 alhali majiyyaci ya faɗi abin da ya dafa, ya zubar da bayanin da ke hannunsa.

Iyakar tsarin da shawara

Za a iya cewa a mafi yawan lokuta babu wanda zai je ya bincika, don haka gida na uku zai zauna babu komai har abada. Gaskiya ne hakan na faruwa, kuma sau da yawa kafin majiyyaci ya bar asibiti an riga an kira mai gyara ya sauya wayar, shaidar ta tafi. To amma tarin takardu masu ɗauke da "ba a bincika ba" yana nuna wa hukuma ainihin giɓin da ke akwai, yayin da tarin zato ke ba ta alƙaluman da za su sa ta yi ta yaƙi da ɓera alhali wayar ƙasa ce babu a gidaje. A Nijeriya duba lafiyar kayan lantarki da haɗinsu aikin hukumar NEMSA ne, wadda aka kafa da dokar 2015, ba aikin asibiti ba.

Maƙalar tana kira ga shugabannin asibitoci da sassan adana bayanai su ƙara gurbi guda a fom ɗin ɗakin gaggawa, mai zaɓi biyu: an bincika, ko ba a bincika ba. Kafin a sallami majiyyaci kuma a gaya wa danginsa su cire na'urar daga wuta, kada kowa ya yi amfani da ita ko da soket ɗin, kuma kada a gyara komai sai ƙwararre ya auna ya rubuta abin da ya samu.