Koyar da yaro mai raunin ji a ajin gama-gari a Kolofata

Kolofata gari ne a sashen Mayo-Sava, yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, dab da iyakar Najeriya. Dokar Kamaru ta 13 ga Afrilu 2010 kan kare masu nakasa ta tabbatar musu da haƙƙin karatu, kuma ilimin bai-ɗaya yana nufin su zauna aji guda da sauran yara.

A nan wahalar biyu ce. Da Faransanci ake koyarwa, yara kuwa da Kanuri, Mandara ko Larabcin Shuwa suke tashi a gida, don haka sau da yawa akan ɗauki raunin ji a matsayin rashin jin Faransanci. Alamar da ke bambanta su ita ce, yaron ba ya waiwayowa idan aka kira sunansa daga baya, ko da harshen gidansu ne.

Akan zaunar da shi a gaba, inda haske ke faɗa wa fuskar malam, malam kuma ba ya magana yana fuskantar allo. A darasin lissafi, masu sauri suna aiki a littafi, wasu suna ƙirga da tsakuwa, shi kuma a nuna masa misali a rubuce, ya amsa a ƙaramin allonsa. Gyaɗa kai ba shaidar fahimta ba ce, sai ya yi aikin da hannunsa.