Tafsirin Aya: da Aya, da Hadisi, da Ra'ayi

Masu tafsirin watan azumi a Muchiya, kamar sauran malaman Zariya, hanyoyi uku suke bi wajen fassara aya. Ta farko ita ce aya ta bayyana wata, kamar yadda aya ta 69 ta Suratun Nisa'i ta fayyace waɗanda aka yi wa ni'ima a Fatiha. Ta biyu hadisi ne, kamar bayanin da Annabi (SAW) ya yi wa Adiyyu ɗan Hatim cewa farin zare da baƙi na ayar azumi hasken asuba ne da duhun dare. Amma sai isnadinsa ya inganta. Shi kuwa ra'ayin malami, ana auna shi da ƙa'idojin Larabci da nassi, kuma wani malamin yana iya saɓa masa.