Daga ina shirin kacici-kacici na «Qui veut gagner des millions ?» ya samo asali?

Masu kallon tashoshin Faransa da yawa sun ɗauka cewa «Qui veut gagner des millions ?» shirin Faransawa ne, tunda a tashar TF1 suka san shi, Jean-Pierre Foucault yana gabatarwa. A Najeriya kuwa, fuskar Frank Edoho ce ke faɗo wa mutane a rai. A Indiya, jarumin fim Amitabh Bachchan ne. Amma duk cikin ƙasashen nan uku ba wadda ta ƙirƙiro shi. Kowace ta sayi izinin yin nata ne daga Birtaniya.

A harkar talabijin, akan sayar da shiri ta hanya biyu. Ko dai a sayar da wanda aka riga aka ɗauka, a sa masa wata murya ko fassara, ko kuma a sayar da tsarinsa kawai. A hanya ta biyu, tashar da ta saya takan biya kuɗin lasisi, a ba ta wani kundi mai bayanin dokokin wasan, da yadda za a gina zauren, da fitilu, da kiɗa. Sai ta nemo mai gabatarwa ɗan ƙasa, ta rubuta tambayoyi da harshenta, ta sa lada da kuɗin ƙasarta. Shi ya sa mai kallo ke ganin kamar abin gida ne.

Mai neman asalin irin wannan shiri, da kwanan wata zai fara. An fara nuna «Who Wants to Be a Millionaire?» ranar 4 ga Satumba 1998 a tashar ITV ta Birtaniya, Chris Tarrant na gabatarwa, babbar lada kuma fam miliyon ɗaya. Na Amurka ya biyo baya a 1999 a tashar ABC. Na Faransa da na Indiya sun fito a watan Yuli na 2000, na Najeriya a 2004. Ba a kuma dogara da suna, domin shi ne abin da aka fi sakewa. Na Indiya ana kiransa «Kaun Banega Crorepati», daga kalmar da suke kiran miliyon 10 da ita, domin ladar farko rufi miliyon 10 ce.

Abu na biyu shi ne duba abin da bai sake ba daga ƙasa zuwa ƙasa. A tsarin asali, tambayoyi 15 ne, kowace da amsoshi huɗu, kuɗin yana hawa daki-daki. Ɗan takara yana da taimako uku: a cire amsoshi biyu na kuskure, ko ya kira wani ta tarho, ko ya tambayi jama'ar da ke zauren. Kiɗan nan mai sa faɗuwar gaba, wanda Keith Strachan da ɗansa Matthew suka tsara, shi ma yana cikin abin da ake saya. Idan dokoki da kiɗa da tambari duka sun zo ɗaya, alama ce ta lasisi. Mai kwaikwayo ba da izini ba yakan ɗauki dabarar, ya kauce wa kiɗan da tambarin, domin a kansu ne aka fi samun hujja a kotu.

Na uku shi ne rubutun da ke wucewa a ƙarshen shirin, inda ake ambaton mai haƙƙin tsarin. A nan ma akwai tarko, domin mai haƙƙi na yau ba lalle ne shi ya ƙirƙira ba. Mutum uku suka tsara wasan, David Briggs da Mike Whitehill da Steven Knight, kamfanin Celador na Landan ya shirya shi. A 2006 aka sayar da haƙƙin ga 2waytraffic, wani kamfanin ƙasar Holan, sannan Sony ya saye wannan kamfani a 2008. Wanda ya ga sunan Sony a ƙarshen shirin ya ce daga Japan ko Amurka ya fito, ya yi kuskure.

Wani lokaci ma amsar ba ƙasa ɗaya ba ce. «Questions pour un champion», da masu kallon TV5 suka sani, ya fara a Faransa a 1988, an ɗauko shi daga «Going for Gold» na BBC wanda ya fara a 1987. Sai dai kamfanin da ya shirya shi na Reg Grundy ne, mutumin Ostareliya. Don haka tambayar asali tana da rassa uku da ya kamata a raba: wa ya ƙirƙira, a ina aka fara nunawa, kuma a hannun wa haƙƙin yake yanzu.