Tsawon tsoka da lanƙwasar gaɓa: dalilin da ƙarfin gwiwa ke canzawa

Miƙe wuyan hannunka ka damƙe yatsun wani da ƙarfi. Sai ka lanƙwasa wuyan hannun ciki har iyaka, ka sake damƙa. Za ka ji damƙar ta yi rauni sosai, alhali tsokar ba ta canza ba. Abin da ya canza shi ne tsawonta a lokacin da ka nemi ta yi aiki.

A cikin kowace tsoka akwai ƙananan zaruruwa iri biyu, aktin da mayosin, da ke shiga tsakanin juna kamar haƙoran mataji biyu. Mayosin ne ke kama aktin yana ja, kuma yawan wuraren kamun shi ne yawan ƙarfin. Idan tsoka ta miƙe da yawa, zaruruwan sun yi nisa da juna, wurin kamu ya ragu. Idan ta takure da yawa, sai su cunkushe suna tare wa juna hanya. Ƙarfi ya fi yawa a tsaka-tsaki. Masana uku, Gordon da Huxley da Julian, sun auna wannan a tsokar kwaɗo a 1966.

Abu na biyu shi ne gaɓar kanta. Tsoka tana jan ƙashi ta jijiya, kuma tazarar jijiyar daga tsakiyar gaɓa tana canzawa yayin da gaɓar ke motsi. Tura ƙofa daga bakinta ya fi sauƙi a kan tura ta daga kusa da inda aka kafa ta. Aikin ƙoƙon gwiwa ke nan: yana ɗaga jijiyar cinya nesa da tsakiyar gaɓa don jan ya fi tasiri.

Tsokar gaban cinya, wadda ke miƙe gwiwa, ta fi ƙarfi idan gwiwa ta lanƙwashe kimanin digiri 60 zuwa 70. Ƙarfinta yana raguwa idan an durƙusa sosai, yana kuma raguwa dab da miƙewa sarai.

Ɗauki misalin mutumin da aka cire wa filasta bayan mako 6. Yana iya tafiya a tsakar gida, amma ya kasa tashi daga 'yar kujerar tsuguno, har iyalinsa su fara zargin ragwanci ne. Ba ragwanci ba ne. A tafiya gwiwa ba ta lanƙwashewa sosai yayin da take ɗauke da nauyi. A kan kujera mai gajarta kuwa ta wuce digiri 90, tsokar ta miƙe fiye da inda take da ƙarfi, nauyin jiki kuma yana can baya nesa da gwiwa. Buƙata ta yi yawa daidai inda ƙarfi ya yi kaɗan.

Idan wannan ne halinka, fara da kujera mai tsayi, ko ka ɗora matashi mai tauri a kanta. Jawo ƙafafunka baya zuwa ƙarƙashin gwiwa, ka sunkuyo har hancinka ya zo saitin yatsun ƙafa, sannan ka tashi. Idan ya yi sauƙi, sai ka rage tsayin kaɗan kaɗan. Ƙarfin da ake samu ta matse tsoka ba tare da motsi ba ya fi bayyana kusa da lanƙwasar da aka yi atisayen a kanta, shi ya sa likitan fisiyo ke sa ka maimaita a matsayi daban-daban. Tabarma da masai na tsuguno su ne na ƙarshe.

Ɗaya matsalar tana wajen miƙewa. Zauna a bakin gado ka miƙe ƙafar iya ƙarfinka, sai wani ya tallafi dunduniyarka ya ɗaga a hankali. Idan gwiwar ta ƙara miƙewa a hannunsa, gaɓar a sake take, tsokar ce ta kasa kammala digiri 10 zuwa 15 na ƙarshe, inda ta fi takurewa. Kumburi da ciwo ma suna hana ta aiki a nan. Idan ba ta ƙara miƙewa ba ko da taimako, gaɓar ce ta sandare, kuma kulawarta daban ce. Yawan kwanciya da matashi a ƙarƙashin gwiwa, duk da daɗinsa, yana jawo wannan sandarewar.

Idan tiyata aka yi maka, musamman gyaran jijiyar cikin gwiwa, kada ka yi wannan gwajin ko ka ɗaura nauyi a ƙafa sai da izinin likitanka. Idan kuma bayan faɗuwa ka kasa ɗaga ƙafa a miƙe kwata-kwata, ko ka ji rami a sama ko a ƙasan ƙoƙon gwiwa, je asibiti a ranar, domin mai yiwuwa jijiyar ce ta tsinke.