Yadda Dandalin Waya Ya Rabu Tsakanin Manya da Yara

Tun daga farkon shekarar 2024, lokacin da Hukumar Hisba ta Kano ta shiga kamen masu wasan TikTok, har saɓani ya kai Shaihu Aminu Daurawa ga ajiye muƙaminsa na ɗan lokaci kafin a yi sulhu ya koma, babu majalisar da ba a tayar da mas'alar nan ba, wato me ya sa yaran yanzu suka taru a wuri guda alhali iyayensu suna wani wurin. A ƙasar Birnin Gwari ma ana wannan muhawara, ga shi kuwa tana da ɗaci a nan fiye da a Kano, domin mutanen da suka sha azabar 'yan bindiga na dajin Kamuku suna jin labarin irin 'yan bindigar nan suna nuna damin kuɗi a TikTok.

Asalin abin ba ya bukatar dogon bayani. Kakanninmu sun ji labari daga bakin fatake da sanƙira, sa'an nan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939, Sashen Hausa na BBC ya fara magana a 1957, Rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, daga bisani kaset ya yaɗa wa'azi da waƙa. Duk waɗannan a bainar jama'a ake jin su, akwati guda a ƙofar gida, tsoho da jikansa suna saurare tare. Rabuwa ta faro ne bayan da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, kowa ya sami nasa akwatin a aljihu.

Dandalin farko da ya kama samarin Arewa da gaske shi ne 2go, wanda aka ƙirƙira a Afirka ta Kudu, ya yi tashe wajen 2010 zuwa 2012. Yana aiki a ƙaramar Nokiya mai maɓalli, ba ya cin data sai kaɗan, kuma mutum yana shiga ɗakunan hira da sunan da ya laƙaba wa kansa. Waɗannan samari su ne suka ƙaura zuwa Facebook, su ne kuma a yau suke tsakanin talatin da arba'in da ɗoriya, malaman makaranta da ma'aikatan ƙaramar hukuma da 'yan siyasar gunduma, masu dogon rubutu a kan hanyar Kaduna da sha'anin zaɓe. Manya kuwa ba su shigo ba sai da WhatsApp, wanda aka kafa a 2009, ya ƙara saƙon murya a 2013, domin a sa'an nan ne dattijon da ya sauke Alƙur'ani, yake rubuta ajami amma bai yi boko ba, ya sami hanyar danna waya ya yi sallama ya faɗi bukatarsa kamar yana gaban mutum. TikTok shi ne auta, bai bazu a duniya ba sai bayan da aka haɗe shi da Musical.ly a 2018.

To, masu bayani sun kasu. Wasu malamai suna cewa lalacewar tarbiyya ce, yaro yana bin inda ake rawa. Ban ƙaryata cewa akwai alfasha a wurin ba, amma wannan hujja ba ta bayyana dalilin da ya sa yaron kirki, ɗalibin Islamiyya, shi ma can yake kallon gajeren tafsiri, alhali tafsirin nan yana Facebook a cike. Wasu kuma suna cewa kuɗi ne, kuma a maganarsu akwai ƙamshin gaskiya, gama saƙon murya na minti guda bai kai rabin megabayit ba, bidiyo kuwa na minti guda yana iya cin ninkin wannan sau goma ko fiye. Sai dai in da kuɗi ne ke raba mutane, da mai garken shanu ne zai zauna a TikTok, yaron da ke roƙon kuɗin data ya tsaya a WhatsApp, ga shi kuwa akasin haka muke gani, ko bayan ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin ɗari da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da shi a Janairun 2025.

Abin da na fi gamsuwa da shi, ina kuma ganin ba a ba shi haƙƙinsa ba, shi ne kunya. Bahaushe tun fil'azal ba ya sakin jiki a gaban mahaifinsa ko surukinsa, shi ya sa dattawa ke da zaure, samari da 'yan mata ke da dandali, kowa da inda yake dariya. A dubi yadda aka gina kowace manhaja. WhatsApp yana rataye ne da lambar waya, saboda haka wanda ke cikinsa wanda ka sani ne, limami da kawu da abokin ciniki, kuma maganar da za ka yi a rukunin dangi ita ce wadda za ka iya yi a gabansu. Facebook yana neman sunanka na gaskiya, yana kuma ta gabato maka da mutanen da kuka haɗa sani, har wata rana yaro ya wayi gari baffansa ya aiko da neman abota, ƙi ya zama rashin ladabi, karɓa ta zama ɗaurin baki. TikTok kuwa shafinsa na farko, wanda ake kira For You, ba ya tambayar wa ka sani. Yana lura da abin da ka daɗe kana kallo ne ya ƙaro maka irinsa daga baƙi, naka kuma ya kai wa baƙi. Yaro ya sami wurin da babu idon gida, kamar yadda yayyensa suka samu a 2go kafin su girma su manta.

Wannan sutura fa ta yaudara ce, domin bidiyon da aka ɗora ana sauke shi da danni ɗaya, a tura shi WhatsApp, ya bi rukuni bayan rukuni har ya isa wayar uban da aka guje wa. Yawancin rigimar da ke tashi a gidaje ta wannan hanya take zuwa, kuma dattijon da ke tsine wa TikTok galibi bai taɓa buɗe shi ba, mafi muninsa kawai aka zaɓo aka turo masa.

Birnin Gwari ta ga jarrabawar wannan al'amari a ƙarshen Satumbar 2021, sa'ad da gwamnatin Kaduna ta sa aka katse layukan sadarwa a wasu ƙananan hukumomi, har da tamu, saboda yaƙi da 'yan bindiga, ba a maido ba sai ƙarshen Nuwamba. A watannin nan biyu aka gane abin da kowa yake yi da wayarsa. Yaro ya rasa nishaɗi, ya koma karɓar finafinai da waƙoƙi a katin waya daga masu turawa a kasuwa. Mai rubutu a Facebook ya rasa hanyar sanar da duniya an kai hari. Magidanci kuwa ya rasa abin da ya fi duka nauyi, wato muryar ɗan'uwa da ke gaya masa ko hanyar Buruku ta buɗe, ko an sako wanda aka ɗauke. Rufe Twitter da gwamnatin tarayya ta yi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wanda ya cika jaridun Legas, kaɗan ne a karkararmu suka ji a jikinsu.

Saboda haka ina ganin masu kira a haramta TikTok ba za su cimma muradinsu ba, gama ranar da iyaye suka cika shi, ko hukuma ta rufe shi, yara za su tashi su nemi wani wurin. Abin da ke hannun iyaye da malamai shi ne su sanar da yaro tun ranar da aka saya masa waya cewa duk abin da ya ɗora zai iya isa gaban mahaifinsa kafin la'asar.